Yadda ake gyara takardar harajin Amurka idan an manta da wata hanyar samun kuɗi

Wani ɗan uwa a Bronx yana aikin gadi da albashi, ya cika takardar harajinsa ta shekarar 2024 tun cikin Fabrairun 2025, an maido masa da rarar dala 541, ya kashe abinsa. Sai cikin Satumba, yana neman takardar inshorar mota, ya ci karo da wata ambulan da ba a taɓa buɗewa ba a ƙarƙashin kujerar direba. Da ya buɗe sai ga fom 1099-NEC daga kamfanin da ya yi wa aikin kai abinci da daddare na 'yan watanni, an rubuta dala 6,000. Wannan kuɗi bai shiga takardar da ya aika ba. Da misalinsa za mu bi matakan, domin lissafinsa mai sauƙi ne, kuma ya ƙunshi kusan duk inda mutane ke tuntuɓe.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne duk fom 1099 ko fom ɗin albashi na W-2 da ya iso hannunka, kwafinsa ya riga ya isa hukumar haraji ta IRS. Kwamfutarsu tana gwada abin da kamfanoni suka ce sun biya ka da abin da ka rubuta da hannunka. Ba ta da gaggawa, takan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ta aiko da wasiƙa, amma kuɗin ruwa yana hawa tun daga ranar da ya kamata a biya harajin. Wanda ya riga su magana shi ne ke biyan kaɗan, kuma za mu ga bambancin da alƙaluma.

Kafin ka taɓa fom, duba inda kake

Idan ranar ƙarshe ta aikawa ba ta wuce ba, wato 15 ga Afrilu a yawancin shekaru, to lamarin da sauƙi: ka gyara ka biya cikon kafin ranar, babu kuɗin ruwa babu tara. Idan kuma takardar farko tana hannunsu ba su gama aiki a kanta ba, kana jiran rarar da za a maido maka, ka bari kuɗin su shigo tukuna sannan ka aika gyara. Takardu biyu na shekara guda suna yawo a lokaci ɗaya sukan sarƙe da juna. Ceki ko kuɗin da suka shigo asusunka kana iya karɓa, ba laifi, lissafin gyaran zai cire su.

Tambaya ta biyu: wasiƙa ta riga ta zo? Idan ka sami takarda mai lamba CP2000 a kusurwar dama ta sama, hanyarka ta canza. Ita ce wasiƙar da ke cewa ga kuɗin da muka gani ba ka rubuta ba, ga harajin da muke ganin ya hau kanka. Tana ba da kwana 30, ko 60 ga wanda ke wajen ƙasar. In ka yarda da lissafinsu, sa hannu a takardar amsa ka mayar, ba sai ka cika fom ɗin gyara ba. In kana da kuɗaɗen da ka kashe a kan aikin da kake so a cire, sai ka cika fom ɗin gyaran, ka rubuta CP2000 a samansa, ka haɗa shi a bayan takardar amsa zuwa adireshin da ke jikin wasiƙar. Mutuminmu na Bronx babu wasiƙar da ta zo masa, don haka ya bi hanyar da ke tafe.

Mataki na 1: tabbatar guda ɗaya ce kawai aka manta

Abin takaici ne mutum ya yi gyara, bayan wata biyu wata takardar ta sake ɓullowa. Shiga asusunka a shafin IRS.gov, ka nemi Wage and Income Transcript na shekarar. Jerin duk abin da aka kai rahoto da lambarka ta haraji ne: albashi, ribar ajiyar banki, kuɗin rashin aiki, sayar da hannun jari. Wanda ba zai iya buɗe asusu ba yana iya nema da fom 4506-T ta gidan waya. Ka ɗauko Account Transcript ma, domin shi ke nuna ko hukumar ta riga ta sauya wani adadi a takardarka ta farko. Idan ta sauya, adadinta za ka yi aiki da shi, ka bar naka na asali.

Jerin nan iyakarsa abin da wani ya kai rahoto. Kuɗin kitso da aka biya ki a hannu, ko ɗinki, ko ɗan aikin da kuɗinsa bai kai adadin da ke sa kamfani ya aiko da takarda ba, duk haraji na kansu kuma ba za su fito a jerin ba. Sai ka bi bayanan bankinka wata-wata ka tsamo su da kanka.

Mataki na 2: gane gidan da kuɗin zai shiga

Irin kuɗin shi ke yanke girman bashin. Da W-2 na biyu aka manta, sai a ƙara shi a kan albashi, a kuma ƙara harajin da aka riga aka cire daga cikinsa, wani lokaci ma mutum ya tashi shi ke bin gwamnati. Da ribar banki ce ta 1099-INT, layi guda ne, sai Schedule B idan jimillar ta haura dala 1,500. Amma 1099-NEC yana nufin hukuma na kallonka a matsayin mai sana'ar kansa. Kuɗin zai shiga Schedule C, kuma da zarar ribar ta kai dala 400 akwai haraji na biyu a Schedule SE, na fanshon tsufa da lafiyar tsofaffi, wanda mai albashi ke raba shi da ubangidansa amma mai sana'ar kansa ke ɗauka shi kaɗai. Wannan harajin na biyu shi ne ke girgiza mutane, don sau da yawa ya fi harajin kuɗin shiga kansa yawa.

Daɗin Schedule C shi ne ana cire abin da aka kashe. Mutuminmu ya yi sa'a, manhajar kamfanin ta ajiye tarihin tafiye-tafiyensa, kuma yana da ɗan littafi a aljihun mota da yake rubuta lambar mita in zai fara aiki da in ya tashi. Ya haɗa mil 3,000. Farashin da hukuma ta yanka wa kowane mil a 2024 santi 67 ne, wato dala 2,010. Ka lura, na shekarar da ake gyarawa ake ɗauka: a 2023 santi 65.5 ne, a 2025 santi 70. Wanda ya ɗauki wannan farashi ba zai sake cire kuɗin mai da gyaran mota ba, suna ciki. Kuma kada ka ƙirƙiro mil ɗin da ba ka da shaidarsa. Ka zo wanke hannu ne, ba dabara ba ce ka shafo wani sabon datti a fom ɗin da ma'aikaci zai karanta da idonsa.

Mataki na 3: sake gina takardar daga tushe

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya buɗe fom ɗin gyara ya fara cikawa kai tsaye. Fom ɗin taƙaitawa ce kawai. Aikin gaske shi ne ka sake cika babban fom ɗin haraji 1040 na shekarar, da dokokin shekarar, kamar ba ka taɓa mantuwa ba, sannan ka ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe. Idan da manhaja ka cika, ajiye kwafin ta asali kafin ka taɓa komai, domin wasu manhajojin da ka canza adadi sai tsohon ya ɓace, kuma kana bukatarsa.

Ga tsohuwar takardarsa. Albashi dala 42,000, ba shi da aure. Aka cire rangwamen kowa da kowa na 2024, dala 14,600, saura 27,400. Jadawalin haraji ya ba da 3,059. An riga an cire masa 3,600 daga albashi, shi ya sa aka maido masa 541.

Ga sabuwar. Dala 6,000 a cire 2,010, riba ta zama 3,990. Harajin mai sana'ar kansa ana lissafa shi haka:

```
3,990 x 0.9235 = 3,685
3,685 x 0.153  = 564
```

Rabin wannan 564 ɗin, wato 282, doka ta yarda a cire shi daga kuɗin shiga a Schedule 1. Saboda haka jimillar kuɗin shigarsa bayan gyare-gyare ta tashi daga 42,000 zuwa 45,708, ƙarin 3,708. Akwai kuma wani rangwame da mutane da yawa ba su san da shi ba, kashi 20 cikin ɗari na ribar sana'a, a fom 8995. A nan kashi 20 na 3,708 ne, dala 742. In ka cire 14,600 da 742 daga 45,708, abin da haraji zai hau ya zama 30,366, jadawali ya ba da 3,413. Ƙarin harajin kuɗin shiga 354 ke nan. Haɗa shi da 564, bashin ya zama dala 918.

Yanzu a ce ya yi shiru har CP2000 ta zo. Kwamfutar ba ta san ya zuba mai ba, ba ta ga littafin aljihun motarsa ba. Za ta ɗora haraji a kan 6,000 ɗin gaba ɗaya, abin da zai kai wajen dala 1,500, sannan a ƙara kuɗin ruwa na tsawon lokacin da ya wuce, kuma ana iya ɗora tarar sakaci ta kashi 20 cikin ɗari na harajin da aka gaza biya. Zai iya mayar da amsa ya kawo shaidar mil ɗinsa, gaskiya ne, amma a lokacin yana kare kansa ne cikin kwana 30. Wanda ya aika gyara kafin hukuma ta tuntuɓe shi kan binciken shekarar, bisa ƙa'ida wannan tarar ba ta hawa kansa.

Wani abu da za ka duba kafin ka wuce: ƙarin kuɗin shiga yana taɓa tallafin da aka ba ka bisa yawan samunka. Mai iyali da ya karɓi Earned Income Credit, adadin zai iya raguwa, ko ya ƙaru idan samun nasa ƙanƙani ne ƙwarai. Wanda ya sayi inshorar lafiya a kasuwar gwamnati da rangwame, mai takardar 1095-A, dole ya sake cika fom 8962, kuma yana iya tarar da sai ya mayar da wani ɓangare na rangwamen. Mutuminmu ba shi da ko ɗaya, shi ya sa lissafinsa ya tsaya a 918.

Mataki na 4: cika 1040-X

Sunan fom ɗin ke nan, 1040-X, kuma kowace shekara da nata daban. Rubuta shekarar da kake gyarawa a sama, sannan adireshinka na yanzu, ba na lokacin da ka aika ta farko ba. Fom ɗin yana da sahu uku daga sama zuwa ƙasa. Sahun A adadin asali, sahun B bambanci, sahun C adadin da yake daidai. A kowane layi, A da B su haɗu su ba da C. Idan ragi ne, sa adadin cikin baka.

A layi na 1 ya rubuta 42,000, sai 3,708, sai 45,708. Layi na 2 bai canza ba, 14,600 a A da C, sahun B babu komai. Rangwamen 742 ya shiga layi na 4, a gurbin rangwamen ribar sana'a. Layi na 5 ya tashi daga 27,400 zuwa 30,366. Layi na 6, haraji, daga 3,059 zuwa 3,413. Harajin mai sana'ar kansa yana shiga layi na 10, daga sifiri zuwa 564. Layi na 11, jimilla, 3,977. Layi na 12 shi ne abin da aka cire daga albashi, 3,600, bai motsa ba.

Sai layi na 18, inda na fi ganin an faɗi. Yana tambayar rarar da ke kan takardar farko. Mutum yakan ga cewa harajinsa 3,977, an cire masa 3,600, ya ce saura 377 kenan. A'a. Daga cikin 3,600 ɗin an riga an maido maka 541 ka ci. Sai a rubuta 541 a layi na 18, a cire shi daga 3,600, saura 3,059, shi ne abin da ke hannun gwamnati da gaske. A cire shi daga 3,977, layi na 20 ya nuna 918. Hanyar gane ko ka yi daidai: bashin da ke layi na 20 ya zo ɗaya da bambancin da ke sahun B na layi na 11, muddin ba ka canza wani biya ko tallafi ba. Wanda kuma ciko ya yi a karon farko maimakon a maido masa, abin da ya biya yana shiga layi na 16, in ya manta zai biya sau biyu.

Akwai gurbin bayani mai suna Explanation of Changes. Ba wurin ba da haƙuri ba ne ko labarin ambulan a ƙarƙashin kujera. Jimla biyu ko uku da Turanci sun isa: an bar 1099-NEC na dala 6,000 a baya, an ƙara Schedule C da SE da fom 8995, layuka kaza sun canza. Sannan sa hannu da kwanan wata. In takardar haɗin gwiwa ce ta miji da mata, dukansu biyu za su sa hannu, ko da kuɗin na mutum ɗaya ne.

Mataki na 5: aikawa da biya

Ana iya aika 1040-X ta intanet da manhajar haraji ga shekarar da ake ciki da biyun da suka gabace ta. Wadda ta girmi haka sai ta gidan waya, zuwa adireshin da ke cikin umarnin fom ɗin, wanda ya danganta da jihar da kake zaune. Mai aikawa ta gidan waya ya haɗa sabuwar 1040 ɗin da duk fom ɗin da ya canza ko aka ƙara, a nan Schedule C, SE, 1, 2 da 8995, ya aika da rajista mai rasit, ya ajiye rasit ɗin. Kada ka aika sabuwar 1040 ita kaɗai ba tare da 1040-X ba, za a ɗauke ta a matsayin maimaici.

Biya kuwa kada ya jira a gama duba fom. Ranar da ka aika, ranar za ka biya. A Direct Pay na shafin IRS.gov, kyauta ne daga asusun banki, ka zaɓi dalilin biya Amended Return, sannan ka zaɓi shekarar harajin, 2024. Nan ma ana kuskure, mutum ya zaɓi shekarar da yake ciki, kuɗin su tafi wani gida, wasiƙar bashi ta ci gaba da zuwa. Mai biya da ceki ya rubuta shi da sunan United States Treasury, ya sa lambarsa da shekarar da 1040-X a jiki.

Kada ka saka kuɗin ruwa cikin adadin layi na 20. Hukuma za ta lissafa ta aiko da takarda. Ana lissafa shi kullum-kullum tun daga 15 ga Afrilu, ana sake duba farashin duk wata uku. A 2024 kashi 8 ne cikin ɗari a shekara, a 2025 kashi 7. A kan 918 na wata biyar ya kama wajen dala 27. Ba wani abu ba ne, amma wanda bai son mu'amala da ruwa ko na sisi, maganinsa ya biya da wuri, don ranar da uwar kuɗin ta shiga hannunsu ruwan da ke kanta ya daina hawa. In ba ka da kuɗin duka, aika fom ɗin duk da haka, ka biya abin da ya sawwaƙa, ka nemi tsarin biya: akwai na gajeren lokaci har kwana 180, akwai na wata-wata ta intanet ko da fom 9465. Takardar bashi in ta zo aka yi banza da ita, tarar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane wata za ta fara taruwa, har ta kai kashi 25.

Mataki na 6: jiha, sannan jira

Gyaran tarayya ba ya gyara na jiha, kuma hukumomin biyu suna musayar bayanai. Mazaunin New York fom IT-201-X zai cika, cikin kwana 90 da aika gyaran tarayya, kuma na cikin birnin yana da harajin birni a kan fom ɗin guda. Mazaunin Texas ko Florida ya huta da wannan, babu harajin kuɗin shiga na jiha a can.

Bayan kamar mako uku gyaran zai bayyana a Where's My Amended Return? a shafin hukumar, da matakai uku: Received, Adjusted, Completed. Sukan ce mako 8 zuwa 12, yana iya kaiwa 16, wani lokaci ya zarce. Shiru ba dalilin sake aikawa ba ne. In an gama, sake ɗauko Account Transcript ka ga ko ƙarin harajin da biyan da ka yi sun zauna a shekara guda, bashin ya koma sifiri. Ka ajiye wannan takardar tare da kwafin komai. Mai shirin neman zama ɗan ƙasa, fom N-400 yana tambaya ko ana binsa harajin da ya wuce lokaci, mai ɗaukar nauyin ɗan uwa da I-864 kuma takardar harajinsa ake nema, don haka wata rana za a ce ka kawo ta.

Inda ba a yi shi kai kaɗai

Hukuma tana da shekara uku ta waiwayi takarda. Idan abin da aka bari ya haura kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shigar da aka rubuta, wa'adin ya zama shida, in kuwa da gangan aka ɓoye babu wa'adi. Na mutuminmu kashi 14 ne da ɗoriya, mantuwa ce ta shekara guda. Wanda nasa ya shafi shekaru da yawa, ko ya san a ransa ba mantuwa ba ce, ya ga lauyan haraji kafin ya rubuta ko kalma ɗaya a gurbin bayani, domin fom ɗin a ƙarƙashin rantsuwa ake sa masa hannu.

Haka wanda kuɗin da ya bari daga gida suke. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin Amurka tana karɓar haraji a kan samunsu na ko'ina a duniya, har kuɗin hayar shagon da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ko da ƙaninka ke karɓa yana zuba wa a asusun can. Wannan yana shiga Schedule E bayan an mayar da shi dala, harajin da aka biya a can kuma ana iya neman a cire shi da fom 1116. Abin da ya fi haɗari shi ne asusun kansa: idan jimillar asusunka na waje ta haura dala 10,000 ko da rana guda a shekarar, akwai rahoton FBAR da ake aikawa daban, kuma tararsa ta fi ƙarfin harajin hayar nesa ba kusa ba. Mai wannan matsala ya nemi wanda ya san harkar kuɗin waje, ya kuma tabbatar duk wanda ya karɓi kuɗinsa ya cika masa fom ya sa hannunsa da lambarsa ta PTIN a ƙasan takardar. Wanda ya ce kai kaɗai za ka sa hannu, shi ba sai ya sa ba, ka karɓi takardunka ka fita.